Girman cikin jikin da aka samu ta juya fili: tambayoyi da amsoshi kan hanyar faifai da wosha

Waɗannan tambayoyi su ne suka fi maimaituwa a bakin ɗaliban kalkulas idan aka iso wannan babi. Na zaɓi fili guda ɗaya, wanda ke tsakanin y = x² da y = 2x, zan riƙa komawa kansa ina sauya layin da ake juya shi a kai, don a ga abin da ke canzawa da abin da ba ya canzawa. Inda na ce “girman ciki” ina nufin yawan sararin da jiki ya cika, inda na ce “layin juyi” kuma ina nufin miƙaƙƙen layin da fili ke kewayawa.

1. Wane irin jiki ne ake nema a auna?

Ka zana wani fili a takarda, ka ja miƙaƙƙen layi a gefensa, sannan ka ƙaddara filin ya zagaye layin nan sau ɗaya cur. Sararin da ya share a zagayensa shi ne jikin. Murabba'i mai dogon gefe idan ya juya a kan gefensa ɗaya silinda yake bayarwa. Rabin da'ira idan ya juya a kan miƙaƙƙen gefensa ƙwallo yake bayarwa. Abin da ya haɗa su duka shi ne duk inda ka yanka jikin a gicciye da layin juyi, fuskar yankan da'ira ce, ko cikakkiya ko mai rami a tsakiya. Faɗin filin da'ira kuwa an san shi, π sau radiyos sau radiyos. Kan wannan sauƙin aka gina hanyar gaba ɗaya.

2. Daga ina fomular faifai ta fito, ko haddace ta kawai zan yi?

Kada ka haddace ta kafin ka gan ta. A cikin filin ka zana wata siririyar sanda da ta tsaya a kan layin juyi, tsawonta R, kaurinta dx. Idan filin ya juya, sandar ma ta juya, abin da ta share kuwa siririn faifai ne. Faifai silinda ce gajera, don haka girman cikinsa faɗin fuskarsa ne sau kaurinsa, wato πR² dx. Jikin gaba ɗaya tarin irin waɗannan fayafayai ne a jere daga x = a zuwa x = b, aikin intagiral kuma shi ne ya tara su: V = π ∫ R² dx, daga a zuwa b.

Ga misali. Ɗauki filin da ke ƙarƙashin y = √x, sama da layin x, daga x = 0 zuwa x = 4, a juya shi a kan layin x. A kowane wuri tsawon sandar √x ne, don haka R² = x. Intagiral ɗin x shi ne x²/2, a x = 4 ya zama 8, saboda haka V = 8π. Silindar da za ta rufe wannan jiki daidai tana da radiyos 2 da tsawo 4, girman cikinta 16π. Ke nan jikin rabin silindarsa ne cif, sakamakon da Arkimidis ya samu tun ƙarni na 3 kafin haihuwar Annabi Isa ba tare da intagiral ba.

3. Gefen jikin a lanƙwashe yake, amma gefen faifai a miƙe. Ba kuskure ake tarawa ba?

Akwai kuskure, amma yana ƙanƙancewa da sauri fiye da yadda fayafayan ke yawaita. A gwada da jiki mai siffar mazurari, radiyos 1, tsawo 1, wanda ainihin girman cikinsa π/3 ne, wato kusan 0.3333π. Idan aka raba shi fayafayai 10 aka ba kowanne radiyos ɗin gefensa mai faɗi, jimilla 0.385π ce. Da fayafayai 100 ta sauko zuwa 0.33835π. Ƙarin da ke gefen kowane faifai ɗan zobe ne siriri ta fuska biyu, a kauri da kuma a faɗi, shi ya sa jimillarsa ke tafiya zuwa sifili. A lura dai, wannan rangwame na girman ciki ne kawai. Wajen auna faɗin fatar jikin, karkatar gefen tana da tasiri, kuma fomular can daban ce.

4. Yaushe ne faifai, yaushe ne wosha?

Dubi sandarka. Idan gindinta yana taɓa layin juyi a ko'ina cikin filin, faifai ne. Idan akwai tazara tsakanin layin juyi da bakin sandar na kusa, tazarar nan ita ma za ta juya ta bar rami, sai a samu wosha, irin ƙarfen nan mai huda da ake sa wa ƙarƙashin noti. Wosha tana da radiyos biyu: R daga layin juyi zuwa bakin sanda na nesa, r daga layin juyi zuwa baki na kusa. Fuskarta babbar da'ira ce aka cire ƙarama, don haka V = π ∫ (R² − r²) dx. Faifai wosha ce da r ɗinta sifili, ke nan fomula ɗaya ce ba biyu ba.

Siffar fili kaɗai ba ta isa ta gaya maka wanne ne ba. Filin tambaya ta 2 ya ba da faifai a kan layin x. Juya shi a kan layin y ka gani: sandar yanzu a kwance take, ta tashi daga lanƙwasar x = y² zuwa layin x = 4, kuma tsakaninta da layin y akwai sarari. Don haka R = 4, r = y², y kuma daga 0 zuwa 2. V = π ∫ (16 − y⁴) dy = π(32 − 32/5) = 128π/5. Fili bai canza ba, amma girman ciki ya tashi daga kusan 25.1 zuwa kusan 80.4, hanyar ma ta sauya daga faifai zuwa wosha.

5. A nuna mini lissafin wosha ɗaya daga farko zuwa ƙarshe.

A juya filin da ke tsakanin y = x² da y = 2x a kan layin x. Da farko a nemi inda layukan biyu suka haɗu: x² = 2x yana ba da x = 0 da x = 2, wato wuraren (0, 0) da (2, 4). Sai a tantance wanne ke nesa da layin juyi. Hanya mafi sauri ita ce a gwada lamba ɗaya a tsakani: a x = 1, miƙaƙƙen layin yana 2, lanƙwasar tana 1. Ke nan R = 2x, r = x².

Yanzu V = π ∫ (4x² − x⁴) dx daga 0 zuwa 2. Intagiral ɗin shi ne 4x³/3 − x⁵/5, a x = 2 ya zama 32/3 − 32/5, wato 64/15. Amsa V = 64π/15, kusan 13.4. Ka ga aikin intagiral ɗin kansa layi biyu ne. Mafi yawan makin da ake zubarwa a wannan babi tun kafin a kai ga intagiral ake zubar da shi, wajen rubuta R da r da iyakoki.

6. Me ya sa ba zan cire r daga R tukuna sannan in yi sukwaya ba?

Domin (R − r)² da R² − r² ba abu ɗaya ba ne, kuma wannan shi ne kuskuren da ya fi kowanne yawa. R − r tsawon sandar ne kawai. Idan ka yi masa sukwaya ka ninka da π, tamkar ka ciro sandar daga inda take ka dasa ta a kan layin juyi ne, ka juya ta can. Ka manta da nisanta ke nan, alhali sandar da ke nesa da layin juyi tana zagaye mai tsawo, tana share sarari mai yawa.

A misalin tambaya ta 5, wanda ya rubuta π ∫ (2x − x²)² dx zai samu 16π/15, kashi ɗaya bisa huɗu na amsar gaskiya. Abin da ke sa kuskuren ya ɓuya shi ne amsar tana da kyan gani, ga π ga 15 a ƙasa, ba abin da ke nuna ɓaraka. Ga gwaji mai sauƙi: wosha mai R = 3 da r = 2 tana da faɗin fuska 9π − 4π = 5π, wanda ya fara cirewa kuma π ɗaya tak zai samu.

7. Ta yaya zan san ko dx zan yi amfani da shi ko dy?

A hanyar faifai da wosha sanda kullum a gicciye take da layin juyi, kaurinta kuma yana bin tsawon layin. Idan layin juyi a kwance yake, kamar layin x ko y = −1 ko y = 4, sandar a tsaye take, kaurinta dx. Idan layin juyi a tsaye yake, kamar layin y ko x = 2, sandar a kwance take, kaurinta dy. Harafin da ke cikin sunan layin yana ruɗa mutane: y = 4 layi ne a kwance, don haka dx yake buƙata duk da cewa y ce a sunansa.

Da zarar ka ce dy, komai sai ya koma yaren y, radiyos da iyakoki duka. A juya filinmu a kan layin y. Sai a warware kowane layi don x: y = 2x ya zama x = y/2, y = x² ya zama x = √y. Iyakoki yanzu daga y = 0 zuwa y = 4 ne, ba 0 zuwa 2 ba. A y = 1, √y yana 1, y/2 yana rabi, saboda haka lanƙwasar ce ke nesa a wannan karon: R = √y, r = y/2. V = π ∫ (y − y²/4) dy = π(8 − 16/3) = 8π/3, kusan 8.38.

Lura da cewa matsayi ya juye. A tambaya ta 5 miƙaƙƙen layi ne na waje, a nan lanƙwasa ce. Wanda ya riƙe a ransa cewa “2x shi ne babba” zai samu amsa ƙasa da sifili.

8. Idan layin juyi ba layin x ba ne kuma ba layin y ba fa?

Nan ne ake gane wanda ya fahimci radiyos. Radiyos nisa ne daga layin juyi zuwa bakin fili, ba ikweshan ɗin lanƙwasa ba. A kan layin x abubuwan biyu sun zo ɗaya ne kawai saboda layin yana kan sifili. Nisa a tsaye shi ne na sama a cire na ƙasa, nisa a kwance kuma na dama a cire na hagu. Da wannan jimla ɗaya za ka iya rubuta kowane radiyos.

A juya filinmu a kan y = −1, layin da ke ƙasa da shi. Nisa zuwa miƙaƙƙen layi 2x − (−1) ne, wato R = 2x + 1, haka kuma r = x² + 1. Idan aka buɗe, R² − r² = 2x² + 4x − x⁴, intagiral ɗinsa daga 0 zuwa 2 kuma 16/3 + 8 − 32/5 = 104/15. Don haka V = 104π/15, kusan 21.8. Ya fi 13.4 na layin x, kuma haka ya kamata, tunda filin ya ƙara nisa da abin da yake zagayewa. Kada a ce 1 ɗin da ke cikin R zai kashe 1 ɗin da ke cikin r. Wajen auna faɗin fili zai kashe, a nan kuwa sukwaya ta riga cirewa.

Yanzu a ɗaga layin juyi sama, y = 4. Layin ne ke sama, filin ke ƙasa, don haka kowane radiyos 4 ne a cire lanƙwasa. Wanda ya fi nisa daga y = 4 shi ne wanda ya fi ƙasa, wato x². Ke nan R = 4 − x², r = 4 − 2x. Sai R² − r² = x⁴ − 12x² + 16x, intagiral 32/5 − 32 + 32, V = 32π/5, kusan 20.1. Layin da ke “sama” a zane ya koma na ciki.

9. Na rikice tsakanin R da r. Akwai hanyar da ba sai na yi dogon tunani ba?

Ɗora bakin biro a kan layin juyi, ka ja shi a gicciye zuwa cikin filin. Iyakar da ka fara ci karo da ita, nisanta shi ne r. Iyakar da ka fita ta cikinta, nisanta shi ne R. Ba ruwanka da wanne ke sama ko wanne ke dama. Idan zanen bai fito sosai ba, sa lamba ɗaya daga tsakiyar iyakokinka cikin radiyos biyun, kamar yadda aka yi a tambaya ta 5 da ta 7, wanda ya fi girma shi ne R. Daƙiƙa goma ne aikin, kuma ni ban taɓa ganin dalilin tsallake shi ba.

10. Wai ana zaɓen layin juyi ne, ko tambaya ce ke bayarwa?

A jarrabawa yawanci an ba ka shi, kuma ba ka da ikon sauya shi, domin sauya layin juyi sauya jikin ne ɗungurungum. Filinmu guda ya ba da 64π/15 da 8π/3 da 104π/15 da 32π/5, jikuna huɗu daban. Tsohon misali ne ma a tarihin lissafi. Yankin parabola idan ya juya a kan layin da ya raba shi biyu, rabin silindar da ta rufe shi yake cikawa, kamar a tambaya ta 2. Idan kuwa ya juya a kan gindinsa, kashi 8 cikin 15 yake cikawa. Ibn al-Haisam, masanin da aka haifa a Basra ya yi aiki a Alƙahira a farkon ƙarni na 11, shi ya fitar da wannan na biyun. A yau layi ɗaya ne: π ∫ (1 − x²)² dx daga 0 zuwa 1 yana ba da 8π/15.

Zaɓi na gaske yana zuwa ne idan jiki aka ba ka, ba fili ba. A ce an ce ka nemo girman cikin mazurari mai radiyos a da tsawo h. Layin juyi dole ya bi ta tsakiyar jikin, amma kai za ka yanke ko ka kwantar da shi a kan layin x ko ka tsayar da shi a kan layin y, da kuma inda sifili zai kasance. Sa tsinin a kan sifili, ka kwantar da jikin a layin x, sai gefen ya zama y = (a/h)x, intagiral ya fito nan take: πa²h/3. Idan ka sa gindin a sifili amsar ba ta canzawa, sai dai ka ƙara wa kanka buɗe baka. Ga ƙwallo kuma cibiya ce za ta hau sifili: R² = a² − x² daga −a zuwa a, V = 4πa³/3. Ka zaɓi ajiyar da ta sa R² ta fi sauƙin rubutu.

11. Yaushe ake raba intagiral gida biyu?

Duk lokacin da sandarka, tana tafiya daga wannan iyaka zuwa waccan, ta sauya layin da bakinta ke taɓawa. Ɗauki alwatikar da y = x da y = 2 − x da layin x suka kewaye. A kan layin x, sandar tsaye tana taɓa y = x daga 0 zuwa 1, daga nan ta koma taɓa y = 2 − x har zuwa 2. Intagiral biyu ke nan, kowanne π/3, jimilla 2π/3. A kan layin y kuwa sandar kwance tana farawa a x = y ta ƙare a x = 2 − y tun daga ƙasa har sama, don haka intagiral ɗaya ya isa: π ∫ ((2 − y)² − y²) dy daga 0 zuwa 1, wato 2π.

Haka ma idan lanƙwasa biyu suka gitta juna a tsakiyar iyakokinka, R da r suna musayar wuri a mahaɗar. Idan ba ka raba a nan ba, wani ɓangare zai fito ƙasa da sifili ya cinye wani, amsar ta ragu ba tare da wata alama ba.

12. Idan layin juyi ya ratsa ta tsakiyar filin fa?

Fomular wosha ba ta aiki kai tsaye, domin ɓangarorin biyu suna share wuri ɗaya, babu kuma rami. A ce murabba'i ne daga x = 0 zuwa 3, daga y = −1 zuwa 2, ana juya shi a kan layin x. Ɓangaren sama yana share silinda mai radiyos 2, na ƙasa yana share mai radiyos 1 wadda tuni tana cikin ta farko. Girman ciki 12π ne. Wanda ya sa R = 2 da r = −1 a fomula zai samu 9π, ya huda ramin da babu shi. Abin yi shi ne a ninke filin a kan layin juyi kamar takarda, a kowane wuri a ɗauki gefen da ya fi nisa a matsayin radiyos ɗin faifai, a raba intagiral inda gefen da ya fi nisa ya sauya, kamar a tambaya ta 11.

13. An ce in juya a kan layin y, amma na kasa mayar da ikweshan zuwa x. Me zan yi?

Wannan iyakar hanyar ce. Ɗauki filin da ke ƙarƙashin y = x − x³ daga 0 zuwa 1. Wosha a kan layin y tana buƙatar x guda biyu ga kowace y, na hagu da na dama, samun su kuwa sai an warware ikweshan mai x³. Ba wanda zai so wannan aiki. Mafita ita ce a bar layin juyi inda yake, a juya sandar. Sandar da ke kafaɗa da kafaɗa da layin juyi ba faifai take sharewa ba, siririn ɓawon silinda take sharewa, mai kewaye 2πx, tsawo x − x³, kauri dx. Sai V = 2π ∫ x(x − x³) dx = 2π(1/3 − 1/5) = 4π/15.

Ke nan zaɓin da ke hannunka a kowace tambaya shi ne yadda sanda za ta kwanta: a gicciye da layin juyi wosha ce, a jere da shi ɓawo ne. Kafin ka fara, zana duka biyun ka tambayi kanka wacce ce ke da bakuna masu sauƙin rubutu, wacce ce kuma ba ta buƙatar rabawa. Inda duka suka yiwu, amsarsu ɗaya ce. A filinmu, ɓawo a kan layin y yana ba da 2π ∫ x(2x − x²) dx = 2π(16/3 − 4) = 8π/3, daidai da tambaya ta 7.

14. Ta yaya zan gane amsata ta kauce?

Girman ciki ba ya zama ƙasa da sifili. Idan ya zama, ko R da r sun juye, ko iyakoki. Kada ka goge alamar kawai ka wuce, koma ka ga dalili, domin wani lokaci kuskure biyu ne. Sannan duba ko harafi ɗaya ne a cikin intagiral ɗin: x a cikin radiyos tare da dy a ƙarshe alama ce ta aikin da ba a gama ba. Iyakoki ma su zama na harafin da ke bayan d.

Bayan haka ka kwatanta da jikin da ka sani. Jikin tambaya ta 5 yana zaune ne cikin mazurarin da y = 2x ke yi, mai radiyos 4 da tsawo 2, girman cikinsa 32π/3, kusan 33.5. Duk amsar da ta wuce wannan ba daidai ba ce. Wannan gwaji yana kama manyan kurakurai, amma ba zai kama 16π/15 na tambaya ta 6 ba. Don irin wannan sai a yi lissafi ta hanyar ɓawo, ko a yi amfani da abin da ke tambaya ta gaba.

15. Akwai gajeriyar hanya idan fili ɗaya ake ta juyawa a kan layuka daban-daban?

Akwai, kuma tsohuwa ce. Ana jingina ta ga Pappus na Iskandariya, na ƙarni na 4, wasu kuma suna haɗa sunan Guldin na ƙarni na 17. Ta ce girman ciki shi ne faɗin filin sau nisan da cibiyar nauyinsa ta yi a zagaye, wato V = 2πdA, inda A faɗin fili ne, d kuma nisan cibiyar nauyi daga layin juyi. Sharaɗinta shi ne kada layin ya ratsa filin, irin matsalar tambaya ta 12.

Faɗin filinmu ∫ (2x − x²) dx = 4/3 ne, cibiyar nauyinsa kuma tana (1, 8/5). A kan y = −1 nisa 13/5 ne, sai 2π × 13/5 × 4/3 = 104π/15. A kan y = 4 nisa 12/5 ne, sai 32π/5. Duka sun yi daidai da tambaya ta 8. Gaskiya ne cewa samun cibiyar nauyi shi ma intagiral yake ci, don haka a tambaya ɗaya tilo ba wata riba. Amma idan ka riga ka samu girman ciki a kan layin x da layin y, cibiyar ta fito kyauta ta raba kowanne da 2πA, daga nan kowane layi na kwance ko na tsaye ninkawa ce kawai.

Tana kuma faɗin abin da ido ba zai hango ba. Cibiyar tana x = 1, tsakiyar layin y da layin x = 2, don haka juyi a kan x = 2 dole ya ba da 8π/3 kamar na layin y, duk da cewa jikunan biyu ba su yi kama ba. A gwada da wosha: R = 2 − y/2, r = 2 − √y, R² − r² = y²/4 − 3y + 4√y, intagiral daga 0 zuwa 4 kuma 16/3 − 24 + 64/3 = 8/3.